Takalmin zafi da ba zai ci min ƙafa ba

Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara. Tsaye nake wuni a kasuwar Gusau, zafin nan kuwa kun san shi. Silifas na roba nake sawa, igiyar nan ta tsakanin yatsu in na yi zufa sai ta goge ni har wurin ya yi ruwa ya fashe. Na koma na fata mai maɗauri a bayan diddige, yatsun sun huta amma ƙasansa shimfiɗe yake kamar faranti, da la'asar tsakiyar tafin ƙafata ciwo kamar ana jan jijiya. Na sa soso a ciki, kwana uku ya lotse. To wanda cikinsa ke da ɗan tudu a tsakiya zan nema ko mai kaurin ƙasa? Kuma fata ko yadi, wanne ya fi jure zufa?