Na samo fulawa da araha, amma akanta ya ce mun yi asara

Abu Khalil: Salamu alaikum jama'a. Ni ne manajan wani gidan burodi a Tudun Wada, shekarata shida tare da Alhaji, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Watan jiya na samo fulawa a Sabon Gari buhu ₦57,000, alhali ₦60,000 muka tsayar a lissafi. Sai ga akanta da takarda, wai bambancin farashi riba ₦660,000, bambancin amfani asara ₦1,200,000. Tun jiya Alhaji bai ɗaga wayata ba. In kori masu kwaɓi ne?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Burodi nawa kuka gasa, buhu nawa kuka ci, kuma buhu ɗaya burodi nawa ya kamata ya fitar?

Abu Khalil: Burodi 20,000, buhu 220. A ƙa'ida buhu yana ba da 100.

Malam Sani: To lissafin akanta daidai yake. Burodi 20,000 buhu 200 ya kamata ya ci, kun zarce da 20. Buhu 20 a ₦60,000, ₦1,200,000 ke nan. Sauƙin ₦3,000 a buhu 220 kuma shi ne ₦660,000 ɗin. Ka cire, kun faɗi da ₦540,000. Amma kada ka karanta su daban-daban, sau da yawa abu ɗaya ne ya haifi biyun. Fulawa mara ƙarfi ba ta shan ruwa sosai, ƙullun ya ragu, burodin ya ragu. Kowane buhu yanzu wajen 91 yake ba ku.

Maman Ilham: Sata ce kawai. Mu ma a Samaru yaranmu na dare sai da suka kwashe mana suga wata uku kafin mu farga. Har yau abin na cina. Ka kore su.

Bashir Kwangila: Malam, ai da ₦57,000 ya kamata a buga buhu 20 ɗin, tunda haka aka saya. Ni dai damina nake zargi, fulawa na dunƙulewa a sito.

Malam Sani: Maganar damina tana kan hanya, Bashir. Amma da tsayayyen farashi ake bugawa, don kada cinikin mai saye ya shiga cikin aikin mai kwaɓi. Abu Khalil, gobe ka tsaya da kanka. Ka ɗora buhun sabuwar a sikeli ka ga ko kilo 50 ya cika. A kwaɓa buhu ɗaya na tsohuwar, ɗaya na sabuwar, a yanka ƙullu da awo ɗaya, ka ƙirga.

Abu Khalil: Malam, fulawar nan ba ta da laifi, wallahi na murza ta da hannuna kafin na biya. Mai shagon ma abokina ne tun muna firamare. Kuma ₦660,000 ai ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi Alhaji bai gani ba?

Malam Sani: Ya gani. Ka auna tukuna.

Maman Ilham: Wa ke riƙe da makullin sito da dare?