Sauya wa fayilolin OneDrive mazauni ba tare da sake saukewa ba

Mun tattauna wannan da ɗalibai 'yan uwanmu a Madina, bayan wani ya ja jakarsa ta OneDrive daga faifan C zuwa faifan D na kwamfutarsa da hannu, manhajar ta ce ba ta ganin jakar.

Shawarar da aka tsaya a kanta: fara jira komai ya gama hawa intanet. Sannan ka shiga Settings na OneDrive, ka zaɓi Account, ka danna Unlink this PC. Yanzu ne za ka matsar da jakar. Da ka sake shiga asusunka, danna Change location, ka nuna sabon wurin, ka amince da Use this folder. Manhajar za ta gwada fayilolin da na kan intanet, abin da ya yi daidai ba ta sake sauke shi.

Ni dai ina ƙara jan kunne: kada a canza sunayen fayiloli ana tsakiyar aikin, nan ne ake samun kwafi biyu.