Baftismar jariri a Kaduna: abin da masu sani suka ce

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a ga limamin ekklisiya kafin a sa rana. Katolika da Anglikan suna yi wa jarirai baftisma. ECWA da Baptist sai yaro ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne zaɓen iyayen baftisma. A Katolika, wanda zai tsaya wa yaro sai ya kai shekara 16, ya karɓi tabbatarwa, yana kuma karɓar jibi. Uwa ko uban yaro ba sa tsayawa. Mutum ɗaya ya isa. In biyu ne, namiji da mace. In kawu mai kuɗi da ke wata ekklisiyar Katolika ne zai tsaya, ko da ta Kafanchan ce, a nemi takardar limaminsa da wuri, don rashinta kan sa a ɗage rana bayan an riga an sayi shinkafa.

A zaman koyarwar da ake yi wa iyaye kafin baftisma a kai sunan yaro a rubuce, don kada a ɓata katin baftisma. Riga fara, mai sakin wuya saboda man da ake shafawa a ƙirji. Kyandir da abincin baƙi kuwa na gida ne.