Yatsan ƙanina zai iya tura kuɗi daga asusuna?

Maman Biyu (Taminus): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon atamfa, kuma da zanen yatsa nake tura kuɗi a manhajar wayata. Makon jiya na sa ƙanina ya ƙara yatsansa a wayar don ya riƙa amsa wa kwastomomi idan na fita. Washegari manhajar ta ƙi karɓar yatsa sai da na sa lambar sirri, na sake kunna shi. Me ya jawo haka? Kuma yanzu nasa yatsan zai iya fitar da kuɗi, ko nawa kawai suka sani?

Ɗan Farin Gada: Wa alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki. Ai ranar da kika yi BVN an ɗauki yatsunki goma. Da shi suke gwadawa, nasa ba zai shiga ba.

Injiniya (Rayfil): Ɗan Farin Gada, gaskiya ne an ɗauki yatsu wajen BVN, amma ba a can ake gwada na waya ba. Hajiya, amsarki a taƙaice: eh, mai yiwuwa ne ƙwarai yatsansa ya tura kuɗi yanzu.

Manhajar ba ta taɓa ganin yatsanki ba. Lokacin da kika yi rajistarsa, wayar ta mayar da zanen wasu lambobi ta ajiye a wani killataccen sashe na cikinta, wanda manhajoji ba sa iya leƙawa. Ranar da kika kunna biya da yatsa kuma, manhajar ta sa wannan sashen ya ƙera mata makullai biyu masu tafiya tare. Na sirri yana nan a cikin wayar, ba ya fita. Ɗaya kuwa an aika wa kamfanin da ke da manhajar, kuma aikinsa tantancewa kawai. Ki ɗauka hatimi ne a cikin akwatin ƙarfe, mai gadi ba ya buɗewa sai ya ga yatsan da ke cikin rajistarsa, kamfani kuma samfurin bugun hatimin kaɗai yake riƙe da shi.

A ce za ki biya dila naira 18,500. Kin sa lambar asusu da kuɗin, kin danna tura. Kamfanin zai aiko wa wayar wata lamba da ba a taɓa amfani da ita ba, ta wannan cinikin kaɗai. Sai allon neman yatsa ya fito, wanda na wayar ne, ba na manhajar ba. Kin dangwala, killataccen sashen ya gwada da abin da ya ajiye. In ya dace, ya saki makullin sirrin ya sa hannu a kan waccan lambar, a tsari mai kyau har da adadin kuɗin da asusun mai karɓa. Sa hannun ne ke tafiya ta intanet. Kamfanin ya duba shi da nasa makullin, ya ga daga wayarki ya fito, sannan ya cire 18,500. Ko wani ya kwafi saƙon a hanya ba zai iya sake tura shi ba, don lambar ta riga ta mutu.

Inda matsalarki take shi ne wayar ba ta faɗa wa manhajar yatsan wa aka ɗora. Abin da take cewa kawai, wannan yana cikin waɗanda aka yi wa rajista.

Maman Biyu: Innalillahi. To Injiniya, me ya sa ta ƙi karɓa da farko?

Injiniya: Kariya ce aka gina da gangan. Da zarar an ƙara sabon yatsa, wayar takan lalata tsohon makullin, don kada wanda ya san lambar buɗe allo ya sa nasa a ɓoye ya kwashe kuɗi. Shi ya sa aka nemi lambar sirrin asusun, wadda ke kaɗai kika sani. Da kika sa ta kika sake kunnawa, an ƙera sabon makulli, shi kuma yana amsa duk yatsun da ke wayar a ranar, har da na ƙaninki. Ki shiga Settings, wajen Fingerprint, ki ƙirga yatsun da ke ciki. Ki goge nasa, ki kashe biya da yatsa a manhajar, ki sake kunnawa. Sannan ki canja lambar buɗe allo, don wanda ya san ta yana iya mayar da yatsansa.

Malam na Anguwan Rogo: Ni tawa matsalar sanyin Jos ce. Da hunturu ya shigo yatsuna suka tsattsage, sai na dangwala sau biyar ta kulle ni na rabin minti. Ashe ba kamfanin ne ke hana ni ba?

Injiniya: Wayar ce, Malam, kamfanin bai ma san ka gwada ba. Fata in ta bushe ko ta tsage, zanen ba ya fita sosai. Ka shafa ɗan mai ka goge, ko ka ƙara rajistar wani yatsan naka. Amma ka sa ran manhajar za ta nemi lambar sirri bayan ka ƙara, kamar yadda ta yi wa Hajiya.

Anti Nas: Ni dai ban yarda ba su da komai namu ba. Da zan buɗe asusu sai da suka sa na kalli kamara, na ƙifta ido, na juya kai. Wannan fa?

Injiniya: Anti, kin yi gaskiya, wannan hoton ya je wurinsu. Shi na tantance mai buɗe asusu ne, ana gwada shi da hoton BVN ko NIN, kuma wasu manhajojin kan sake nemansa in an canja waya. Buɗe waya da fuska na kullum wani abu ne daban, a cikin wayar yake ƙarewa. Shi ma ba duka ɗaya ba ne. Face ID na Ayifon yana auna tudu da kwarin fuska da haske mai ɗige-ɗige. Yawancin wayoyin Andiroyid masu sauƙin kuɗi kuwa kamarar gaba ce kawai, wadda hoto kan iya ruɗa a wasu. Tsarin Andiroyid ba ya barin irin wannan fuskar ta saki makullin biya. Shi ya sa za ki ga fuska na buɗe allo, amma wajen tura kuɗi sai yatsa.

Ɗan Farin Gada: To na ji. Amma abokina ya ƙara yatsan matarsa, manhajarsa ba ta nemi komai ba, ta ci gaba da aiki. Ina kariyar a nan?

Injiniya: Hakan na faruwa. Masu rubuta manhaja suna da zaɓin kashe wannan kariyar, wasu kuma ba sa ɗaura makulli da yatsa sam, eh ko a'a kawai suke karɓa daga wayar. Daga waje ba a gane wacce ce wacce sai an gwada. Ta Hajiya dai ta nuna tana lura.

Anti Nas: Duk da haka ni lambar sirri zan ci gaba da sawa. Yatsa ana iya ɗora shi mutum yana barci.

Malam na Anguwan Rogo: Lambar kuma ana leƙenta a kasuwa, Anti. Ni na fi tsoron idon na bayana a layin POS.

Maman Biyu: Na duba, yatsu uku ne a ciki, biyu nawa ɗaya nasa. Na goge. Yanzu saura yadda zai riƙa amsa wa kwastomomi ba tare da na ba shi lambar allon ba. Akwai mai dabara, ko sai na saya wa shagon ƙaramar waya?