Me za mu kira “giren” ɗin yadi da Hausa?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Ina koya wa 'yan mata ɗinki a gida, kuma kalma ɗaya ta hana ni sakat: giren, kalmar Turanci ta yadda zaren saƙa ya tafi a jikin yadi. A bakin malamarmu na ji ta, haka nake maimaita ta, yara su gyaɗa kai ba su gane ba. Jiya wata ta yanka siket mai falle shida a yadi mai gidan dara, ƙugu inci 42. A kan tebur lafiya lau. Da mai shi ta sa, gidajen fallen gaba suna tsaye cak, na gefen hagu sun kwanta kamar ruwan sama mai iska, ɗinkin gefen kuma ya murɗo gaba. Ashe ta ɗan karkata takardar yanka ne don yadin ya ishe ta. Ina neman kalmar da zan faɗa sau ɗaya ta zauna musu.

Zee: Anti, ba bayas ba ne? Wanda ake bi bakin wuya da shi? Ku ce musu kirtanin baki kawai.

Baba Tela: A'a 'yata, kin kusa dai. An kira shi bayas ne don a karkace ake yanko shi. Maman Ummi, ba su ƙyalle su ja da hannunsu. Su ja shi ta tsawon turmi, wato yadda gefen nan mai rubutu ya tafi: ba ya miƙewa. Su ja ta faɗi: zai ɗan bayar. Su ja daga kusurwa zuwa kusurwa: sai ya tafi kamar danƙo, gidan dara ya jirkice. Abin da ya sami siket ɗin ke nan. Falle ɗaya yana tsaye, maƙwabcinsa ya karkata, nauyin yadi ya ja mai karkatar ƙasa. Mu da muka tashi kusa da masaƙa, zaren tsaye muke cewa, na kwance kuma abawa. Ni “hanyar zare” zan ce. A bi hanyar zare, ko an saɓa hanyar zare.

Rabi Maraɗi: Mu nan da Faransanci ake koyarwa, durwa-fil ake cewa, ma'anarsa miƙaƙƙen zare. Kun ga ya yi daidai da ta Baba. Amma ni “jijiyar yadi” ta fi min daɗi a baki.

Maman Ummi: Jijiya na da daɗi, sai dai ba ta nuna inda aka dosa. Hanya kuwa ana binta, ana saɓa mata.

Hajiya Kwari: Shekaruna da yawa ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ina da ja. Atamfa ba saƙa adonta aka yi ba, buga shi aka yi a sama. A mai araha sau da yawa bugun kan zo a karkace. Ku zare zare ɗaya daga bakin yanka ku duba: layin fure ya fara daidai da shi a gefe ɗaya, kafin ya kai ɗaya gefen ya kauce da inci guda. In yarinya ta bi hanyar zare a nan, furen ne zai fito a karkace a jikin mutum, kuma shi ido ke gani. Sannan yawancin atamfa ana buga ta ne don ɗaurin zane, gefe mai rubutu a ƙasa, don haka tsuntsu ko fure yana tsaye ne ta faɗi, ba ta tsawo ba.

Baba Tela: Gaskiya ne, Hajiya. To kalma biyu ke nan: hanyar zare da “tsayuwar fure”. A yadin da aka saƙa ratsinsa, abu ɗaya ne. A atamfa, in kaucewar ba ta wuce inci ba, ina bin fure. In ta wuce, zane da ɗankwali zan ba da shawara, ba riga mai kama jiki ba.

Zee: Ni rigata mai ratsi-ratsi layukan sun karye a ƙirji, a ƙugu kuma sun buɗe. Shi ma hanyar zare ce?

Baba Tela: Ba ita ba ce. Na ƙirji dat ne, ɗinkin nan da ke tsuke yadi, ya cinye layi. A mai ratsin tsaye a kai shi gefe ƙarƙashin hammata, gaba ya zauna lafiya. Na ƙugu matsewa ce. A bar inci 2 na sarari, in 42 ne ya zama 44, layi zai sauka a miƙe.

Rabi Maraɗi: To haɗa gida da gida a wurin ɗinki fa, Baba? Mu “haɗa baki” muke cewa.

Hajiya Kwari: Haɗa baki ai makirci ne! Ku ce gamin fure.

Maman Ummi: Na ɗauki hanyar zare da tsayuwar fure, gobe zan ba kowace ƙyalle ta ja. Gamin fure bai kwanta min ba tukuna, don gidan dara ba shi da fure.