Tikitina ya ce 00:20, wane dare ke nan?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya saba hawa jirgin ƙasa mai dogon zango a Indiya ya taimake ni, na ƙura wa tikitin nan ido har na gaji.

Kwanan watan tafiya an rubuta 05-06, lokacin tashi kuma 00:20. Na san rana suke fara sawa kafin wata, wato 5 ga Yuni. Amma fa minti ashirin bayan sha biyun dare ne. Ke nan daren 4 ga wata zan je tasha, ko? Tsorona kada in je daren 5 in tarar jirgi ya tafi tun jiya.

Na gane 3A, tarago ne mai na'urar sanyaya ɗaki da gadaje hawa uku. Sai dai inda ya kamata in ga lambar tarago, irin B2, WL 14 na gani, wai ina layin jira. Da na duba yau da lambar PNR, wato lambar da ake duba matsayin tikiti da ita, ya koma RAC 6. Wani ya ce da RAC zan iya shiga, amma gado ɗaya za mu raba mu biyu, a zaune. Haka ne? Kuma yaushe lambar taragon za ta fito?