Takarda ɗaya ta ce 24, ɗaya ta ce 31: bayan ɗiyata ƙara karkacewa yake yi?

Maman Nana: Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗiyata shekararta 12. Da ƙaramar salla tela ya lura kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tudu, rigar ta ƙi zama daidai. Muka yi radiyo, wato hoton ƙashin bayanta, aka rubuta ya karkace da digiri 24. Bayan wata biyar muka sake a wani wuri nan cikin Damagaram, aka rubuta 31, likita ya ce a yi mata korse, rigar roba mai tauri da ke riƙe baya. Ba ta jin ciwo ko kaɗan. Da gaske bayan ya ƙaru haka? Babanta ya ce a bar ta, in ta girma zai miƙe.

Malam Issoufou: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Aikina ke nan, ɗaukar hoton ƙashi. Kafin ki tayar da hankalinki ki duba mini abu biyu. Duk hotunan a tsaye aka ɗauke ta, ko akwai wanda aka kwantar da ita kan tebur? Sannan a jikin takardun, kusa da inda aka rubuta "angle de Cobb", akwai harafi da lamba irin T5 ko T12, sunayen ƙasusuwan bayan da aka yi awon a kansu, wasu kan sa D maimakon T. Ki karanto mana su.

Maman Nana: Na farkon kwance take, na tuna don ni na riƙe mata takalmi. An rubuta T6 zuwa T12. Na biyun a tsaye aka yi, ba takalmi, an rubuta T5 zuwa T12, a ƙasa kuma "Risser 1".

Malam Issoufou: To, ai ga zancen ya fito. Waɗannan lambobi biyu ba a gwada su da juna, kamar ki auna gero da tiya a wuri ɗaya ne, ki je wani wuri a auna miki da kwano.

Ki ɗaga hoton na biyu ki kanga shi da hasken taga. Za ki ga ƙashin bayan kamar tubala aka jera, ɗaya bisa ɗaya. A tsakiyar lanƙwasar akwai tubalin da ya fi kowane kaucewa gefe, amma shi a kwance yake, bai gicce ba. Daga shi in kina hawa sama, kowane tubali ya fi na ƙarƙashinsa jirkicewa, har ki kai wanda ya fi duka, bayansa kuma sai su fara komawa. Wannan muke nema, mu ja layi a kan leɓensa na sama. Mu sauko ƙasa mu nemi takwaransa da ya fi jirkicewa ta ɗaya gefen, mu ja layi a leɓensa na ƙasa. Kusurwar da ke tsakanin layukan nan biyu ita ce lambar da kika gani. Da yake sau da yawa layukan sai sun fita daga fim ɗin kafin su haɗu, a da sai mu tsayar da wani layi cak a kan kowane, mu auna inda suka gitta da raportar irin na yaran lakwal. Yanzu na'ura ke lissafawa, amma har gobe hannun mutum ne ke zaɓen tubalin ya ɗora layin. Wani likitan ƙashi ne a Amurka, John Cobb, ya tsara wannan awo a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa.

Bari in kawo misali da na ɗiyarki. A ce T5 ya jirkice da digiri 17, T12 kuma da 14 ta ɗaya gefen, in an haɗa 31 ke nan. Wanda ya fara daga T6, in shi T6 ɗin 14 ya jirkice, ya zubar da 3 tun kafin a je ko'ina. Sai kwanciya: da zarar yaro ya kwanta nauyin jiki ya sauka daga kan ƙashin, lanƙwasar ta ɗan saki, lambar na iya raguwa da digiri biyar ko fiye. Ko da fim guda ne, in kika ba mutum biyu ƙwararru su auna, za su iya saɓawa da kamar digiri 5. Don haka ne ba ma cewa baya ya ƙaru sai bambancin ya wuce 5, a hotuna biyu na tsaye, an auna daga tubala iri ɗaya. Yana yiwuwa ƙwarai ranar da aka rubuta 24, da tsayar da ita aka yi, da an samu kusan 30.

Sani Zango: Alhamdulillahi, ke nan ba abin damuwa. Ni abin da na sani in bai kai 40 ba likitoci ba sa taɓa shi. Ɗiyar yayata 28 aka samu, aka ce ta tafi abinta, yanzu har ta yi aure ta haihu. Ki dai rage mata jakar makaranta da ɗaukar ruwa a ka.

Madam Rabi: Malam Sani, shekarar ɗiyar yayarka nawa lokacin da aka auna ta?

Sani Zango: 17 ko 18, tana shirin bak.

Madam Rabi: Shi ya sa aka sallame ta. Ni kine ce, mai aikin motsa gaɓoɓi a asibiti, yaran nan ta hannuna suke bi. Ita waccan ƙashinta ya riga ya ƙosa, kuma lanƙwasar da ba ta kai 30 ba in girma ya ƙare yawanci nan take tsayawa. Nana kuwa yanzu take cikin tsakiyar tsiro. Jaka da tulu ba su ke kawo wannan ba, a rage mata don jin daɗinta, amma ba zai taɓa lambar ba.

Maman Nana, ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a takardarki ba 31 ɗin ba ne, "Risser 1" ne. A saman ƙashin ƙugu akwai wani siririn ƙashi da ke tsirowa daga gaba yana tafiya baya yayin da yaro ke balaga, ana ba shi maki daga 0 zuwa 5. In 0 ne bai fito ba, in 5 ne ya gama ya manne, tsawo ya ƙare. Ɗaya na nufin akwai sauran tafiya, kuma irin wannan lanƙwasa lokacin da yaro ke miƙewa take gudu. Ta fara ganin al'ada? In ba ta fara ba, to ragowar girman da yawa.

Yadda ake yanke shawara a yaro mai tasowa, ƙasa da digiri 10 ba a ma kiransa skoliyoz, wato ciwon karkacewar baya zuwa gefe. Daga nan zuwa wajen 25 ido ake sawa, a sake hoto bayan wata huɗu zuwa shida. Daga 25 zuwa wajen 40, in akwai sauran girma, nan ne gidan korse. In ya kai 45 zuwa 50 an shiga maganar tiyata, saboda wanda ya haura 50 yakan ci gaba da sulalewa ko bayan an girma, kamar digiri ɗaya a shekara. Ko ki cire mata 5 na kuskuren awo daga 31, saura 26, tana nan dai cikin gidan korse. Ko hoton farko ya yi daidai ko bai yi ba, likitanki bai yi garaje ba.

Sai dai ki faɗa wa babanta gaskiya tun yanzu, korse ba ya miƙar da baya, tare shi yake yi kar ya wuce kafin girma ya ƙare. In ta cire shi tana shekara 15 ko 16 aka auna aka samu 31 ɗin nan, an ci nasara. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, daga Amurka da Kanada, ya nuna cikin kowane yara 100 da suka sa korse 72 ba su kai digiri 50 ba, waɗanda aka zuba wa ido kawai 48. Awa 18 a rana aka ce su sa, kuma waɗanda suka fi daɗewa da shi a jiki su suka fi tsira.

Hajiya Mariama Birni: Ɗiyata, kada ki yi wasa da ciwon baya. Ƙanena haka ya fara, muka yi ta kai shi wajen mai ɗori, ƙusumbi ya fito masa, ƙafafu suka mutu. Ashe tarin fuka ne ya shiga ƙashin. Ki sa a gwada mata majina.

Madam Rabi: Allah sarki Hajiya, Allah ya ƙara masa sauƙi. Wancan ciwo ne daban, kuma muna ganinsa a nan. Shi tarin fukan ƙashi cinye tubalin yake yi, bayan ya karye zuwa gaba ya yi tsini wuri ɗaya, ga ciwo, ga zazzaɓi da zufar dare da rama. Na Nana zuwa gefe ne, a hankali, ba ciwo. Amma maganarki ta tuna mini: in ta fara ciwon da ke tashinta barci, ko ƙafa ta yi sanyi ko nauyi, ko fitsari ya kufce mata, a koma asibiti ranar, ba a jira lokacin awo ba.

Malam Issoufou: Ni da za a bi tawa, Madam, da an kai fim ɗin na biyu wa wani ya sake aunawa tukuna, a kuma duba ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na sha ganin ƙugu ya karkata saboda gajeriyar ƙafa, a sa ɗan katako ƙarƙashinta lanƙwasar ta ragu.

Madam Rabi: A sake aunawa ban ƙi ba, aikin minti biyar ne. Amma gajeriyar ƙafa a ƙasan baya ta fi nunawa, wannan kuwa a ƙirji take, T5 zuwa T12. Maman Nana, ki sa ta haɗa ƙafafu ta duƙa kamar mai ruku'u, hannuwa a sake, ki tsaya ta bayanta ki duba. In haƙarƙarin dama ya yi tudu, ƙashin murɗewa ya yi, ba ƙafa ba ce. Wannan murɗewar ma lambar Cobb ba ta auna ta. Abin da ba na so shi ne a yi ta yawon neman lamba mai daɗi har wata shida su wuce.

Maman Nana: Na sa ta ta duƙa yanzu, tudun na nan ta dama, har da tafin hannu na ji shi. Al'ada kuma ba ta fara ba. Ni yanzu abin da ke damuna zafin garin nan, roba a jiki awa 18 cikin Afrilu da Mayu? Yarinyar da ko ɗankwali ba ta son daɗewa da shi.

Madam Rabi: Nan ne yawanci ake faɗuwa, ba zan ɓoye miki ba. Ki tanadi singileti na auduga marasa ɗinki mai kauri, uku ko huɗu, ta riƙa sauyawa, kullum ki duba fata inda robar ke dannawa. Awannin hutun ki ajiye su tsakar rana. In an gama korsen a ɗauki hoto tana sanye da shi a ga ko ya rage lambar, in bai rage ba a mayar wa mai yin sa ya gyara. Hoto na gaba kuma a tsaye, ta ba na'ura baya don kare ƙirjinta, ki tafi da tsohon fim ɗin ki ce a auna daga T5 zuwa T12.

Maman Nana: Na gode ƙwarai. Gobe zan kai fim ɗin a sake aunawa. Babanta ya karanta duka, ya ce shi har yanzu yana son jin ta bakin likita na biyu, ko da Yamai ne, kafin a zuba kuɗi a korse.